Daga kwamin ninkaya zuwa tabki: lissafin da ke yaudarar masu iyo

A ranar 19 ga Satumban 2000, mutum uku ne suka hau layi a rukunin farko na ninkayar mita 100 a gasar Olamfik ta Sydney. Ɗan Nijar Karim Bare da ɗan Tajikistan sun yi riga-malam-masallaci, suka faɗa ruwa kafin a ba da izini, aka fitar da su. Eric Moussambani na Equatorial Guinea ya yi iyon shi kaɗai. Ya ci mita 50 na farko cikin kusan daƙiƙa 41, amma na biyu sai da ya haura daƙiƙa 70, ya kammala da ƙyar a minti 1 da daƙiƙa 52.72. Saurin da mutum ya fara da shi ba shi ne zai kai shi ƙarshe ba.

Wannan ya shafi matasan Madawa da Buza da Keita kai tsaye. Yawancin waɗanda suka iya ruwa a yankin a tabkunan damina da madatsun ruwa suka koya, ba agogo ba layi. Wanda ya je Yamai ko Abidjan ya samu kwamin ninkaya, ya auna kansa a mita 100, sai ya dawo gida da lamba a ka. Da ita yake lissafin ƙetare tabki, kuma a nan matsalar take.

Abu na farko shi ne bango. A kwami mai tsawon mita 25, mai iyon mita 100 yana tunkuɗa bango da ƙafa sau huɗu, ɗaya a farko, uku a juyi. Kowace tunkuɗa tana sulala shi cikin ruwa da saurin da ya fi na hannunsa, kafaɗunsa kuma su ɗan huta. Zakarun duniya sun nuna girman wannan garaɓasa. A 2021 Bajamushe Florian Wellbrock ya yi mita 1500 cikin minti 14 da daƙiƙa 6.88 a kwamin mita 25, inda ake juyi 59. A kwamin mita 50, mai juyi 29, Ba'amurke Bobby Finke ya kafa tarihi a Paris a 2024 da minti 14 da daƙiƙa 30.67. Tazarar daƙiƙa 24 ce a kan ƙarin juyi 30, wato kusan daƙiƙa guda a kowane juyi. Tabki kuwa ba shi da bango ko ɗaya.

A ɗauki misalin saurayin da ya yi mita 100 cikin minti 1 da daƙiƙa 50, yana son ƙetare ruwa mai faɗin mita 1500. Lissafinsa mai sauƙi ne: ya ninka sau 15, ya samu minti 27 da rabi.

Masu horarwa ba haka suke yi ba. Sukan sa mutum ya yi mita 400 da iya ƙarfinsa, ya huta sosai, sannan ya yi mita 200. Sai a cire lokacin na biyu daga na farko, a raba biyu. Idan saurayin ya yi mita 400 a minti 8 da daƙiƙa 40, mita 200 kuma a minti 4, abin da ya rage daƙiƙa 280 ne. Rabinsa, minti 2 da daƙiƙa 20, shi ne saurin da zai iya riƙewa na wani lokaci a kowace mita 100. A ƙara daƙiƙa huɗu na bangon da ya rasa, ya zama daƙiƙa 144.

Saura karkata. A kwami akwai baƙin layi a ƙasa da ke yi wa mutum jagora. A jan ruwan damina ko tafin hannunka ba ka gani. Hannun da ya fi ƙarfi yana jan mutum gefe guda, dole ya riƙa ɗaga kai yana duba wata bishiya a gaɓa, kuma duk ɗagawa tana nutsar da ƙafafu, ta rage gudu. In ya ƙara kashi 10 cikin 100 na tafiyar, mita 1650 ke nan zai yi. Sakamakon ya kusa minti 40. Ya shirya wa minti 27, sai ga ƙarin minti 12 a tsakiyar ruwa, inda babu abin kamawa.

Ko Wellbrock ɗin, da ya lashe zinaren kilomita 10 a tekun Tokyo a 2021, awa 1 da minti 48 da daƙiƙa 33.7 ya yi. Daƙiƙa 65 ke nan a kowace mita 100, alhali a ƙaramin kwami ya yi ta a kusan 56.

A ruwa mai gudu, irin kogin Neja a Yamai, lissafin ya fi haka muni. Daƙiƙa 144 a mita 100 daidai yake da kilomita biyu da rabi a awa. Idan ruwan na tafiya da wannan saurin kuma saurayin ya fuskance shi, zai yi ta bugun ruwa yana kallon bishiya ɗaya a gaɓa ba ta matsa ba.