Fari ɗaya a ɗaki ɗaya: yadda ake haska ƙaramin fim da kwan fitilar kasuwa

Wasu matasa a Kano sun kira ni in duba wata fitowa da suka ɗauka a ɗakin wata baiwar Allah. Uwa ce zaune a bakin gado tana yi wa ’yarta nasiha, wasan ya yi kyau, murya ta fita tas. Amma da muka kunna a kwamfuta, sai ga rabin fuskar uwar ya yi ruwan goro kamar mai zaune gaban murhu, ɗaya rabin kuma shuɗi-shuɗi kamar marar lafiya. Mai ɗaukar hoton ya ce, “Wallahi Yaya, a ɗakin ba haka muka gani ba.” Gaskiya ya faɗa. Idonsa bai gani ba, don idon mutum gwanin sasantawa ne.

Duk hasken da muke kira fari yana da launinsa. Je ka maƙera ka kalli ƙarfe a wuta: yana farawa da ja, ya koma ruwan ɗorawa, in zafi ya kai matuƙa ya yi fari. A kan wannan aka gina ma’aunin launin haske, ana ƙirga shi da Kelbin, wanda ake rubutawa da harafin K a jikin kwalin kwan fitila da kan fuskar kyamara. Tsohon kwai mai zare, mai ƙona hannu, yana wajen 2700K, haskensa ja-ja. Hasken rana tsaka yana wajen 5600K. Yawancin fararen kwan LED da fitilun caji da ke kasuwa 6500K ne, suna ɗan karkata zuwa shuɗi. Wato lamba tana hawa, haske yana barin ja yana nufar shuɗi.

Ƙwaƙwalwarmu tana ganin farar riga a ƙarƙashin kowanne ta ce fara ce. Kyamara kuwa haske ɗaya kawai take iya ɗauka a matsayin fari a lokaci guda. In ka ce mata hasken taga ne fari, kwan silin zai koma ruwan goro. In ka ce kwan silin ne, taga ta koma shuɗi. A ɗakin nan haske uku ne ke gardama: taga a hagu, kwai mai 2700K a sama, da fitilar caji da suka riƙe a dama. Kuma mai tace fim ba zai iya ceton ka cikin sauƙi ba, domin in ya gyara kunci ɗaya, ɗayan ƙara lalacewa yake yi.

Da muka koma, tambayar farko da na yi ita ce: wane haske ne ba za mu iya kashewa ba? Taga. To ita ce sarki, sauran su bi ta. Muka kashe kwan silin, aka aiki yaro ya sayo kwan LED biyar masu wat 15, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, daga shago ɗaya. Masu 5600K ba su samu ba, sai 6500K, kuma ban damu ba. Tazarar da ke tsakanin 5600 da 6500 ƙarama ce a ido, ba ta kai rabin wadda ke tsakanin 2700 da 3200 ba, ko da yake a lissafi ta fi yawa. A ƙasan ma’aunin ne ɗan bambanci ke fitowa fili.

Rubutun kwali dai ba rantsuwa ba ne, saboda haka sai an gwada. Muka rufe tagar da bargo, muka manna farar takarda a bango, muka cire kyamara daga AWB, inda take zaɓen fari da kanta, muka tsayar da ita a 5600K. Daga nan aka riƙa kunna kwan ɗaya bayan ɗaya ana ɗaukar takardar. Huɗu sun zo iri ɗaya. Na biyar ya ba da tsanwa-tsanwa, aka ajiye shi gefe. Wannan koren shi ne mugun ciwon kwai mai araha da doguwar fitilar nan ta ofis, kuma lambar K ba ta faɗin sa, domin ita tsakanin ja da shuɗi kawai take aunawa. In ka ga an rubuta CRI a kwali, nemi 90 ko sama. Mai 80 yakan kashe jan da ke cikin fata, fuska ta yi toka-toka. In babu rubutu, ɗora tumatir a tafin hannunka ƙarƙashin kwan, ka ɗauka, sannan ka ɗauka a bakin taga. In tumatirin ya dushe, haka fuskar ɗan wasanka za ta dushe.

Sai jeri. Muka kafa kwai uku a kan katako guda, muka rataya farin ƙyalle kamar taku biyu a gabansu. Kwai tsirara yana zana ɗigon ƙyalli a goshi da hanci, musamman a baƙar fata mai sheƙi, amma faffaɗan haske mai laushi yana kwanciya a kanta ya fito da siffar fuska. Muka ajiye shi ta ɓangaren tagar, sama da kai kaɗan, don mai kallo ya ɗauka duk daga taga yake zuwa. A ɗaya gefen ba mu ƙara fitila ba, farin kwali kawai aka riƙe yana mayar da haske cikin inuwa. Abin da ya dawo daga kwalin launinsa ɗaya da na asali, babu abin daidaitawa. Kwai na huɗu ya tsaya a baya, yana zana gefen mayafin uwar don ta rabu da bango. In haske ya yi yawa ko kaɗan, matsar da katakon ake yi: ninka nisa, haske ya koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Wani abu ya kusa kayar da mu. Bangon ɗakin fentin kore ne, kuma ’yar tana zaune dab da shi, sai haɓarta ta ɗebi koren. Bango ma fitila ne, duk abin da ya sha da launinsa yake mayarwa. Muka janyo ta gaba, muka rataya farin zanen gado a sashen da kyamara ba ta gani. Sannan aka sa takardar nan a daidai inda fuskar uwar za ta kasance, duk fitilu a kunne, taga a buɗe, aka sa kyamara ta ɗauki farinta daga nan, aka kulle. In ka bar ta a AWB, da zarar mai jan mayafi ta gifta sai launin ɗakin duka ya motsa.

Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma kwai mai araha yakan yi ƙifce tare da ita, ka ga layuka suna yawo a hoto. Maganinsa ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa da saurin 1/50. Amma ƙaramin janareta ba ya riƙe bugunsa daidai, don haka in an ɗauke wuta an koma kansa, a sake dubawa kafin a ci gaba.

Sarkin da muka zaɓa ma ba ya zama wuri ɗaya. Mun fara da hantsi, kuma da la’asar ta yi sakaliya hasken tagar ya soma ja, kwan kuwa suna nan yadda suke. Saura magana biyu ta ’yar ba mu ɗauka ba. Muka mayar da bargon kan taga, muka matso da katakon ya maye gurbinta, muka sake nuna wa kyamara farar takarda, aka ƙarasa kafin kiran magariba.