Ciwon Kaba da Haɗarin Shaƙewar Hanji

Kaba tana samuwa ne idan hanji ko kitsen ciki ya kutsa ta wata kafa a bangon ciki, ya turo fata ya yi kumburi. Kusan kashi 75 cikin 100 na irin wannan ciwo a matsematsi yake fitowa, kuma ya fi kama maza, har yakan gangara cikin maraina. Akwai ta cibiya, da wadda ke fitowa a tabon tsohuwar tiyata, da ta saman cinya. Wannan ta ƙarshe ta fi yawa ga mata. Ƙarama ce, amma ƙofarta matsattsiya ce, shi ya sa ta fi saurin shaƙewa.

Da farko kumburin yakan fito idan mutum ya tsaya, ya yi tari ko ya ɗaga kaya, ya koma idan ya kwanta. Wannan komawar ce ke sa mutane sakaci. A ɗauki misalin manomi da ya shekara biyar yana mayar da kabarsa da hannu. Wata rana ya ɗaga buhun masara, kumburin ya fito ya ƙi komawa, ya yi tauri, ga ciwo mai tsanani. Can sai amai, ciki ya kumbura, ba bayan gida ba tusa. Bakin kafar ne ya matse hanjin, ya hana jini isa gare shi, kuma cikin kamar awa shida hanjin na iya fara mutuwa. Idan ya huje, ƙazanta ta bazu a ciki, rai na cikin haɗari. A wannan hali ba a danna kumburin da ƙarfi, ba a ci ba a sha, ba a jiran wayewar gari. Asibitin da ake tiyata za a nufa nan take.

A can za a ƙara masa ruwa, a zura roba ta hanci a rage abin da ya taru a ciki, sannan a buɗe. Hanjin da launinsa ya dawo bayan an sake shi ana mayar da shi. Wanda ya yi baƙi sai an yanke an haɗa sauran.

Aikin da aka shirya tun kafin shaƙewa ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. Likita yakan fara da abin da ke sa yunƙuri: tari mai daɗewa, taurin bayan gida, wahalar fitsari. Ana daidaita sukari da hawan jini, a bar taba. Ga babba, yawanci ana shimfiɗa wata raga ta musamman a toshe kafar, domin tana rage yiwuwar dawowar ciwon, kuma sau da yawa allurar baya ko ta kashe wurin ta wadatar. Yara ba a sa musu raga: kabar matsematsinsu ana gyara ta da wuri, ta cibiya kuwa akan jira, domin yawanci tana rufewa da kanta kafin shekara 5. Ɗaure ciki da sassaƙe ba sa toshe kafar babba.