Kafin Ka Biya Kuɗin Bugu: Rubutun da Ka Gani a Waya Ba Shi Ne Zai Fito a Takarda Ba

Rigimar da ta fi yawa tsakanin masu shagon buga takardu da abokan cinikinsu ba ta kuɗi ba ce, ta kaurin rubutu ce. Mutum zai ba da aikin katin ɗaurin aure, a tsara masa a kwamfuta, a turo masa hoton a waya, ya duba ya ce ya yi. Ranar karɓa sai ya tarar farin rubutun da ke kan launi mai duhu ya sirance har adireshin wurin biki ba ya karantuwa, ko kuma baƙin rubutun ya yi kauri ya cushe. Sai ya ce an sauya masa aiki, mai shago kuma ya rantse bai taɓa komai ba. Sau da yawa mai shagon ne ke da gaskiya. Nau'in haruffan ɗaya ne, girman ɗaya ne, amma allo da takarda ba hanya ɗaya suke bi wajen nuna wa ido rubutu ba.

Allon waya ko na kwamfuta haske yake fitarwa da kansa. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta, wanda ya faɗo mata daga rana ko ƙwan lantarki take mayarwa. Idon ɗan Adam yana ganin abu mai haske kamar ya fi ainihin girmansa, domin hasken yana ɗan malala ya shiga gefen abin da ke kusa da shi. Saboda haka baƙin rubutu a kan farin allo yakan yi kamar ya rame, farin da ke kewaye da shi ya ci masa gefe. Farin rubutu a kan baƙin allo kuma sai ya yi kamar ya yi ƙiba.

A takarda lamarin juyewa yake yi, domin can tawada ce ke malala, ba haske ba. Idan ta sauka a takarda takan ɗan yaɗu, kamar yadda ɗigon shuni ke bazuwa a farin ƙyalle. Baƙin harafi yana ƙara kauri. Farin harafi a kan launi mai duhu kuwa ba bugawa ake yi ba, gurbi ne aka bari babu tawada, sai tawadar da ke kewaye ta kutso cikinsa ta hagu da dama. Wato rubutun da allo ya fi yi wa kwalliya, fari a kan duhu, shi ne takarda ta fi cutarwa. Mutum ya ga abin ya fi gaskiyarsa kauri, ya karɓa kuma ya fi gaskiyarsa siranta.

Mu ɗauki katin ɗaurin auren nan mu auna shi. A ce bangon shuɗi ne mai duhu, an rubuta wuri da lokaci da fari, da irin siraran haruffan nan masu lanƙwasa da amare ke so, girman 8 pt. Ma'aunin pt shi ne kashi 1 cikin 72 na inci. A irin waɗannan haruffa sandar harafi takan kai kamar kashi 1 cikin 20 na girman, wato 0.4 pt, kimanin milimita 0.14. Mu ƙaddara tawada ta kutso da milimita 0.03 ta kowane gefe. Abin da ya rage fari milimita 0.08 ne, kusan rabi ya tafi ke nan. Da an yi amfani da haruffa masu sandar 1 pt, kimanin milimita 0.35, kutsen nan ɗaya zai bar 0.29, asarar kusan kashi 1 cikin 6 ce kawai, kuma ba wanda zai lura. Tawada ba ta duba kaurin harafi kafin ta yaɗu, gwargwado ɗaya take ci, shi ya sa siririn harafi ne ke shan wahala.

Akwai kuma abin da ke ƙara dagula katin. Wannan shuɗin mai duhu ba tawada ɗaya ba ce. A maɗaba'a launuka huɗu ake haɗawa, waɗanda masu aikin ke kira CMYK, kowanne da farantinsa, ana buga su ɗaya bayan ɗaya a kan takarda guda. Dole kowane faranti ya bar gurbin farin harafin daidai inda ɗan'uwansa ya bari. In ɗaya ya goce ko da kaɗan ne, gurbin ya ƙara tsukewa. Alamar a bayyane take: ka duba gefen harafin da kyau, za ka ga wani siririn layi ja-ja ko shuɗi-shuɗi a gefe ɗaya. Haka ma baƙin rubutu yake. Idan baƙin da aka zaɓa a kwamfuta na allo ne, wato RGB, lokacin mayar da shi launin bugu yakan koma haɗin tawada huɗu, sai ƙananan haruffa su fito da kauri da inuwa. Maganinsa a CorelDRAW ko makamancinsa shi ne a sa wa ƙaramin rubutu C0 M0 Y0 K100, baƙar tawada zalla.

Dalili na biyu shi ne yawan ɗigo. Allo da ƙananan ɗigon haske yake zana harafi, waɗanda ake kira fiksel. Allon kwamfuta na yau da kullum yana da kusan fiksel 96 a inci ɗaya, firintar ofis mai aiki da tona kuwa takan sa ɗigo 600 a inci, injin yin farantin maɗaba'a ya kai 2400. Harafi mai girman 12 pt fiksel 16 kawai yake samu a wancan allon, amma ɗigo 100 yake samu a firintar. Idan sandar harafin kashi 1 cikin 12 ce, firinta tana da ɗigo 8 na zana ta, allo kuwa fiksel ɗaya da sulusi. Tun da ba a raba fiksel, sai kwamfuta ta yi dabara: ta cika ɗaya da baƙi, ta sa wa na kusa da shi toka-toka. Wannan tokar ce ke sa rubutu ya yi kamar ya koɗe a allo. Kuma kowace na'ura da irin tata dabarar. Windows tana da ClearType, kwamfutocin Apple kuma sun saba nuna haruffa da ɗan kauri fiye da na Windows, don haka fayil ɗaya zai iya fita iri biyu a tebur guda. Wayoyin zamani suna da fiksel 300 ko fiye a inci, wannan matsalar ta ragu a kansu, amma yaudarar haske tana nan.

Masu ƙera haruffa sun daɗe da sanin haka. Times New Roman, da ɗalibai ke buga kundin kammala karatu da shi, an yi shi ne don jaridar The Times ta Landan a 1932, don tawada da takarda, shi ya sa siraran sassansa ke raunana a allon kwamfuta. Georgia da Verdana kuwa Matthew Carter ya zana wa Microsoft su don karatu a allo, suka fito a 1996, da haruffa masu faɗi da buɗaɗɗen ciki. A takarda sai ka ga sun fi yadda ka zata girma. Shi dai Carter ɗin ne ya zana Bell Centennial don kundin lambobin tarho na Amurka a 1978, inda ya gutsure kusurwoyin haruffan da gangan domin tawada ta cike su a kan takarda mai araha. Wanda ya ga haruffan a allo zai ce lalatattu ne.

To, me mutum zai yi? Da farko ya tambayi kansa inda za a karanta rubutun. Idan a takarda ne, hoton waya ba hujja ba ne. Ka ce a buga maka kwafi ɗaya a ainihin girmansa, a kan irin takardar da za a yi aikin da ita, domin takarda mai sheƙi tana riƙe tawada a samanta, marar sheƙi kuwa, musamman ta jarida, shanye ta take yi ta baza. Gwajin da aka yi a farar takardar ofis ba zai gaya maka abin da zai faru a kan kwali ba. Idan aikin na babban inji ne, inda ba a iya buga kwafi ɗaya sai an yi faranti, ka roƙi a nuna maka wani aiki da suka taɓa bugawa a irin takardar da irin launin. Ka riƙe shi a nisan karatu, ka ba wani dattijo a gida ya karanta maka adireshin. In ya tsaya yana matse ido, aikin bai yi ba.

Ga farin rubutu a kan duhu, ƙara kauri mataki ɗaya: daga Light zuwa Regular, ko daga Regular zuwa Medium ko Semibold, ka ɗan buɗe tazarar haruffa, ka kuma ƙara girman. Haruffan ado a bar su ga sunan ango da amarya, inda suke da girma. Wuri, rana da lambar waya a rubuta su da haruffa marasa ado. Kada kuma ka yanke hukunci kana kallon aikin a 200% ko 300%, domin komai yana da kyau idan an zuƙo shi. Rage shi, ka ɗora abin awo a kan allon har faɗin katin ya yi daidai da na gaske.

Wani lokaci kuma, maimakon baƙin rubutu ya ƙara kauri a takarda, sai ya yi kyau a allo amma ya fito a koɗe daga firintar ofis. Nan abu biyu za ka duba. Na farko, ko an kunna tsimin tona, wanda ke zuwa da suna Toner Save, EconoMode ko Draft. Wasu masu shago sukan bar shi a kunne don tona ta daɗe. Na biyu, ko rubutun toka-toka ne ba baƙi ba. Firintar baƙi da fari ba ta da toka, da tsinka-tsinkan baƙin ɗigo take kwaikwayonta, sai gefen ƙananan haruffa ya fito a yayyage. Tokar da ke da daɗin gani a allo ba ta da amfani a rubutun 10 pt.

Mu masu rubuta Hausa muna da tamu ƙarin matsalar. Ba kowane nau'in haruffa ne ke ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ ba. Idan babu su, kwamfuta takan aro su daga wani nau'in ba tare da ta faɗa ba. A allo bambancin yakan ɓuya cikin tokar nan, amma a takarda sai ka ga "ɗaurin aure" da ɗ mai kauri ko siriri fiye da sauran haruffan. Ka rubuta "ɓaɗaƙa" ka zuƙo shi sosai kafin ka zaɓi nau'in. Nan ne zuƙowa ke da amfani.

Idan kuwa aikin na allo ne, sanarwa ce da za a yaɗa a waya, sai a juya lissafin. Baƙi a kan fari yana son haruffa masu ɗan jiki, ban da Thin da Light a ƙananan rubutu. Fari a kan baƙi kuma ba ya buƙatar Bold, hasken ya riga ya ƙara masa. Ma iya rage farin kaɗan zuwa fari mai ɗan duhu don kada ya kashe ido da dare. Katin da za a buga kuma a tura a waya ya cancanci kwafi biyu, kowanne da kaurinsa.

Masu shago, ku riƙa gaya wa abokin ciniki gaskiya tun kafin ya zaɓi siraran haruffa a kan duhu. Kai kuma mai ba da aiki, kada ka ce a buga 500 sai ka riƙe guda ɗaya a hannunka ka karanta shi daga sama har ƙasa.