Tsamin Nono Ba Ya Maye Gurbin Wuta

A damunar bara wani magidanci daga Fadan Kagoma ya shigo shagon maganinmu a Kafanchan da wata baƙar leda cike da fankon magunguna. Ya juye ta a kan kanta. Na ƙirga maganin zazzaɓin cizon sauro kala uku, da na taifod kala biyu, ga kwalaben maganin ƙarin jini. Manomin citta ne, shekarunsa ba su wuce arba'in ba, amma sai da ya dafa kujera kafin ya iya zama.

Ya ce, "Hajiya, wata uku ke nan. Da safe garau nake, da la'asar ta yi sai jiki ya ɗau zafi, da dare kuwa gumi har sai na sauya riga. In na sha magani ya lafa kwana goma, sai ya dawo. Yanzu ƙugu ya riƙe, ko fartanya ba na iya ɗagawa."

Na tambaye shi ko yana da dabbobi. Ya ce a'a, amma akwai ruga kusa da gonarsa, suna zaman mutunci, kusan kullum ana aiko masa da nono, wani lokaci da madara mai ɗumi daga tatsa. Na ce ana tafasawa? Ya yi dariya ya ce, "Ai nonon da ya yi tsami ya kashe komai da kansa."

Mai karatu, wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami a wannan makon, domin na ji ta a bakin manoma, na ji ta a bakin ma'aikatan gwamnati, har a gidanmu na ji ta.

Ban ba shi ko ƙwaya ɗaya ba ran nan. Na rubuta masa 'yar takarda ya kai wa likita, na roƙi a duba shi don cutar da ake kira burusalosis. Makiyaya sun daɗe da saninta a jikin shanu, suna ce mata bakkale. Saniyar da ta kamu takan yi ɓari a watannin ƙarshe na ciki, mabiyiya ta ƙi fita, wasu kuma gwiwarsu ta kumbura ta tara ruwa. Abin da ya sa cutar ke da wuyar sha'ani shi ne bayan ɓarin saniya takan miƙe ta ci gaba da kiwo, har ta sake haihuwa lafiya, alhali ƙwayar cutar tana zaune a hantsarta tana bin madara, wani lokaci shekaru. Madarar fara ce tas, ba wari, ba wani ɗanɗano na daban. Matar da ta tatso ta ɗauko a ka ba ta san da komai ba, ita da 'ya'yanta ma shi suke sha.

Gwajin jini ya nuna cutar ce. Ba sabuwar cuta ba ce a duniya. A shekarar 1887 wani likitan sojan Birtaniya, David Bruce, ya gano ƙwayar a tsibirin Malta, inda zazzaɓi ke ta kwantar da sojoji. A 1905 wani likita ɗan tsibirin, Themistocles Zammit, ya nuna cewa daga madarar awaki take fitowa. Da aka hana sojojin shan ɗanyar madarar, zazzaɓin ya kusa ɓacewa daga barikinsu. A nan gida ma, masu bincike a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, nan kusa da mu a Jihar Filato, sun fitar da ƙwayar daga madara da ruwan gwiwar shanun ƙasar nan.

To, me tsami yake yi, me kuma ba ya yi? Idan aka ajiye madara ta kwana, wasu ƙwayoyin halitta masu amfani suna cinye sukarin da ke cikinta su mayar da shi tsami. A ma'aunin tsami na masana, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai ƙarfi, sabuwar madara tana wajen 6.6, nono kuma yakan sauka zuwa 4 ko 4.5. Gaskiya ne wannan yana takura wa ƙwayoyin cuta da yawa, shi ya sa nono ya fi madara jure zafin rana. Iyayenmu ba su yi ƙarya ba. Amma ku tuna ruwan da ke cikin tumbin ɗan Adam ya fi kowane nono tsami nesa ba kusa ba, yana kaiwa 2 ko ƙasa da haka, kuma duk da haka ta baki waɗannan cututtuka suke shiga su wuce. Ƙwayar da ta tsallake tumbi, ƙwaryar nono ba za ta gagare ta a dare ɗaya ba.

Tsami yana rage ƙwayar burusela, amma a hankali, cikin kwanaki. Nonon da muke saya kuwa jiya aka tatse shi, yau aka kawo kasuwa, yau ɗin za a dama fura da shi. Ga shi kuma ƙwaya kaɗan ta isa ta kwantar da mutum. Sannan nonon kasuwa yawanci haɗi ne na shanu da dama, saniya ɗaya mai cuta ta ishi ƙwarya guda. Ku kuma masu firij, kada ku ce kun tsira: sanyi adana ƙwayar yake yi, ta fi daɗewa a raye a cikinsa. Haka ɗanyen man shanu, maiƙo yana ba ta mafaka, sai an soya shi.

Ƙwayar tarin fuka ta fi wannan taurin kai. Shanu suna da nasu nau'in tarin, kuma yana kama mutum. Jikin ƙwayar a lulluɓe yake da wani abu mai kama da kakin zuma. A ɗakin gwaji, yadda ake gane ta shi ne a shafa mata rini, a wanke da ruwan asid, sauran ƙwayoyi su saki launin ita ta riƙe nata. Abin da asid bai wanke ba, me tsamin kwana ɗaya zai yi masa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 mutum 147,000 ne suka kamu da tarin fuka daga dabbobi, 12,500 suka rasu, kuma Afirka ce ta fi yawan masu kamuwa.

Iyaye mata, a nan nake so ku tsaya. Tarin da ya shigo ta madara sau da yawa ba ya zuwa da tari. Ta hanji da maƙogwaro ya shiga, don haka yakan fito a matsayin kaluluwa a wuyan yaro, wadda ba ta zafi sosai, ta yi makonni ba ta sauka, wani lokaci ta fashe ta riƙa tsatsar ruwa. Ko kuma ciki ya kumbura, yaro ya riƙa ramewa yana zazzaɓin dare. Nakan ga an kawo irin waɗannan yara bayan an sha tsaga wurin an shafa magani. Kaluluwar da ta wuce mako biyu zuwa uku, asibiti za a kai ta. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware. Ku gaya wa likita cewa yaron yana shan ɗanyar madara ko nonon da ba a tafasa ba, domin bayanin yana da amfani. A watanni biyun farko ana haɗa magunguna huɗu ne, kuma ɗaya daga cikinsu, firazinamaid, ba ya taɓa nau'in shanu ko kaɗan. Na'urar GeneXpert da ake gwaji da ita tana cewa akwai tarin fuka, amma ba ta bambance na mutum da na shanu. Idan likita ya san tarihin, zai fi sa ido, yana iya tsawaita magani.

Mu koma kan manominmu. An fara tabbatar da cewa ba shi da tarin fuka, sannan aka ɗora shi a kan magani biyu: doksisaikilin miligiram 100 safe da yamma, da rifamfisin sau ɗaya a rana, har mako shida cur. Dalilin fara duba tarin shi ne rifamfisin ginshiƙi ne a maganin tarin fuka, in aka ba mai tarin ba tare da sauran abokan haɗinsa ba, ƙwayar za ta koyi jure masa. Shi ya sa ba na sayar da shi ba takardar likita, ko da za a ce na cika tsanani. Dalilin mako shida kuwa, ƙwayar burusela a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki take ɓuya. Maganin kwana biyar ko bakwai yana lafar da zazzaɓin ne kawai, abin da ya yi ta faruwa da shi ke nan duk lokacin da ya sha maganin taifod. Gwajin Widal da ake yawan dogara da shi yakan nuna akwai taifod ga mutanen da ba su da ita, sai a yi ta jifan gefe.

Na gargaɗe shi cewa fitsarinsa zai koma ja-ja kamar manja, kada ya tsorata, aikin rifamfisin ne. Na ce kada ya haɗa doksisaikilin da madara ko maganin ƙarin jini ko na gyambon ciki a lokaci guda, ya ba da tazarar awa biyu zuwa uku, ya sha da ruwa cikin kofi, kada ya kwanta nan take. Mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa su sani rifamfisin yana raunana ta. Masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara takwas kuma haɗinsu daban ne, likita ne zai zaɓa. A mako na biyu ya dawo yana murna zazzaɓi ya tafi, yana neman ya daina. Na ce Malam, in ka tsaya nan, ledar nan taka za ta sake cika.

Ba cewa nake ku bar fura da nono ba, ni ma ba zan bari ba. Kamfanoni suna ɗumama madara a digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30, wannan ya isa ya kashe ƙwayoyin biyu. A gida ba mu da ma'auni, don haka ku ɗora a wuta kuna juyawa har ta tafaso ta taso, ku rage wuta ta ƙara minti ɗaya ko biyu. Ku sauke ku rufe, ta huce har yatsa mai tsabta ya iya jure ɗuminta. Sai ku zuba cokali biyu na kindirmon da aka yi da dafaffiyar madara a kowace lita, ku rufe a wuri mai ɗumi ta kwana. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tafasa madara sannan a zuba mata tsohon ɗanyen nono don ta kama, ko a juye ta a ƙwaryar da aka tatsa a ciki ba a wanke da ruwan zafi ba. An koma gidan jiya ke nan.

In saya za ku yi, kindirmo na asali da dafaffiyar madara ake yin sa, kuma mata da yawa a rugage suna dafawa. Ido ba zai nuna muku ba, harshe ma haka, sai tambaya. Ku riƙe mai nono ɗaya da kuka saba da ita, ku tambaye ta cikin mutunci ko tana dafawa, in ta kama ku ƙara mata kuɗin itace. Manomin nan haka ya yi da maƙwabtansa. Da ya ba su labarin abin da ya same shi, maigidan rugar ya ce shanunsa biyu sun yi ɓari a bara, ya nemi a haɗa shi da likitan dabbobi.