Danna Maɓalli Sau Ɗaya, Na'ura Ta Ƙirga Biyar

Duk wanda ya taɓa haɗa maɓalli da allon Arduino ya san wannan takaici: a danna sau ɗaya, na'ura ta ƙirga huɗu ko biyar. Laifin yana cikin maɓallin. Akwai ƙananan ƙarafa biyu a ciki, kuma idan sun haɗu ba sa mannewa nan take. Sukan yi tsalle kamar ƙwallon da aka buga a daɓen siminti, wuta ta shiga ta yanke sau da yawa kafin su natsu.

Tsallen yawanci bai wuce milisakan 10 ba, amma guntun lantarki mai karanta ƙafarsa sau dubbai a daƙiƙa yana ɗaukar kowanne a matsayin sabon danni.

Magani na farko na kayan aiki ne. A haɗa rizista mai ohm 10,000 da kafasita mai maikurofarad 1. Kafasitar tana cika a hankali, cikin kimanin milisakan 10, sai ta shanye tsallen. Akan ƙara guntu 74HC14 domin ya tsabtace siginar. Matsalar ita ce kuɗi da wuri: kowane maɓalli da nasa kayan.

Na biyu yana cikin manhaja. Da an ga canji, sai a duba agogo da `millis()`, ba za a amince da dannin ba sai ya tsaya cik na milisakan 50. Babu sayen komai, kuma ana iya sauya lokacin da layi ɗaya. Sai dai idan jiran ya yi tsawo, danni mai sauri zai ɓace. Inda babu manhaja kuwa, kamar da'irar ƙirge zalla, dole a koma ga kafasita.