Yadda Dickens Ya Riƙe Masu Karatu Har Mako 36

Daga Disambar 1860 zuwa Agustan 1861, mujallar All the Year Round ta birnin Landan ta riƙa buga labarin Great Expectations na Charles Dickens, kashi ɗaya kowane mako, har kashi 36. Dickens ne editan mujallar, kuma cinikinta ya ja baya a lokacin, saboda haka dole kowane kashi ya sa mutum ya sake fitar da kuɗi a mako na gaba.

A kashi na farko, wani fursuna da ya tsere da mari a ƙafa ya ritsa yaro maraya mai suna Pip a maƙabarta, ya tsorata shi, ya ce ya kawo masa abinci da magagari. Da asuba yaron ya saci kayan daga gidan yayarsa da maƙerar mijinta, ya ruga fadama. Nan aka tsaya. Ba a tsinke magana a tsakiya ba, an dai tsaya inda yaron ya aikata abin da ba ya gyaruwa, mai karatu kuma yana son jin ko asiri zai tonu.

Irin wannan tambaya ba ta jure jira, shi ya sa ba a jima ba aka kama fursunan. Har ya ce shi ya saci abincin, ya rufa wa yaron asiri. Daga nan labari ya koma kan attajira Miss Havisham da yarinyar da take riƙo, Estella.

Amma ba a bar zancen fursuna ya mutu ba. A babi na 10, wani baƙo a mashaya ya dama abin shansa da wannan magagarin a gaban Pip, ya kuma ba shi fam biyu. A babi na 28, Pip ya ji wasu fursunoni biyu a keken doki suna zancen wanda ya aiko da kuɗin. Kowace waiwaya tana ƙara sabon bayani: fursunan yana raye, yana tuna alheri, an yanke masa ɗaurin rai da rai. Saboda haka a babi na 39, da ya bayyana cewa shi ne ya ɗauki nauyin Pip, ba Miss Havisham ba, mamakin yana da tushe.

Masu karanta littattafan Kano da ake fitarwa na ɗaya, na biyu, na uku, suna iya auna kowane marubuci da wannan. Idan ƙarshen littafi na ɗaya ya nuna jaruma ta faɗi sumamme, na biyu kuma ya buɗe da cewa mafarki ne, an ci bashin mai karatu ba a biya ba. Haka idan kishiya ta sake fitowa ba tare da wani abu ya canja a lamarinta ba, cika shafi ne kawai. Mai karatun da aka yi wa haka sau biyu, da wuya ya sayi na uku.