Rancen Maigida Ba Ciniki Ba Ne

Idan mai kamfani ya ɗauki kuɗi daga aljihunsa ya ranta wa kamfaninsa, akawu ba ya rubuta su a shafin kuɗin shiga. Wannan kan jawo tambaya, domin maigida ya ga kuɗi sun ƙaru a banki amma riba ba ta motsa ba. Shi ya sa akawu kan haɗa rahoton wata da gajeriyar takarda ta bayani.

Abin da takardar ke faɗi shi ne, kuɗin shiga su ne waɗanda kamfani ya samu ta sayar da kaya ko yi wa wani aiki, kuma ba wanda zai dawo ya ce a mayar masa. Rance kuwa yana shigowa ne da nauyin biya. Saboda haka ana rubuta shi wuri biyu: kuɗin banki sun ƙaru, bashin da ake bin kamfani ma ya ƙaru daidai da su.

A ɗauki misalin kamfanin sayar da shinkafa na mutum biyu da suke raba riba daidai. A wata guda an yi cinikin naira 3,000,000, kuɗin sarin kayan da aka sayar da haya da albashi suka kai 3,200,000, wato an faɗi da 200,000. Ɗayansu ya ranta wa kamfanin 1,000,000 don a biya mai kawo kaya. Akawu zai rubuta masa: "Ranka ya daɗe, miliyan ɗayan nan taka ce, kamfani zai mayar maka. In na zuba ta cikin ciniki, littafi zai nuna ribar 800,000 alhali asara muka yi."

Ɓarnar ba ta tsaya a takarda ba. Daga wannan ribar ƙarya abokin tarayya zai karɓi 400,000, kuma daga kuɗin mai rancen za su fito. Hukumar haraji za ta iya lissafa haraji a kan ribar da ba a ci ba. Mafi muni, asarar ta ɓoye, ba wanda zai duba farashi ko kashe kuɗi.

Ranar biya ma haka take. Mayar da uwar kuɗin ba ya cikin kuɗin gudanarwa, rage bashi ne kawai. Kuɗin ruwa ne, in an yi yarjejeniyarsa, ke rage riba.

Akawu kan nemi shaida a rubuce mai ɗauke da adadi da rana da lokacin biya, domin in babu ita, rance da ƙarin jari sukan rikice. Ana gane kuskuren idan cinikin wata ya haura ba tare da rasit ba, kaya kuma ba su ragu a sito ba. Inda mutum shi kaɗai ke da shago bai yi masa rajistar kamfani ba, irin waɗannan kuɗi galibi jari ake rubuta su, kuma jarin ma ba ya shiga lissafin riba.